Masu tashoshi, wannan ba neman izinin malami ba ne, ƙwace ne

Akwai wata takarda da ke yawo a hannun masu tashoshin YouTube da ke gayyato malamai hira, kuma lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya a kanta. Shafi ɗaya ce, da Turanci, an kwafo ta daga intanet ba a ko gyara waƙafi ba. Ba a aika wa malami ita gida ya duba a tsanake. Sai ya zauna, an maƙala masa makirufo a wuyan riga, fitilu sun haske masa fuska, mai kyamara na jira, sannan wani yaro ya durƙusa ya miƙo biro: "Allah gafarta Malam, a ɗan sa mana hannu a nan, ƙa'ida ce kawai." Malam ya sa hannu, domin ya ga kamar tsayawa karatu a wannan lokaci zai zama zargin masu masaukinsa.

Ga abin da ya sa wa hannu. Ya ba tashar izinin amfani da sunansa da hotonsa da muryarsa har abada, a ko'ina a duniya, ta kowace kafa da ake da ita yau da wadda za a ƙirƙiro gobe. Ya yarda su yanka maganarsa, su haɗa ta da wata, su sake jera ta yadda suka ga dama. Ya yafe damar ganin bidiyon kafin a sake shi. Ya yi alkawarin ba zai kai ƙara ba ko me ya biyo baya. Ba kuma za a biya shi ko sisi ba. A duk faɗin takardar babu layi ɗaya da ya ce ga abin da tasha ta ɗaukar wa kanta. Duk wajibi na wuyan baƙo, duk 'yanci na hannun mai gida. An tsara irin wannan rubutu ne don kamfanonin fim da talabijin na ƙasashen waje su kare kansu daga ƙarar waɗanda suka bayyana a shirinsu. Ɗauko shi a ɗora wa malamin da ya shekara talatin yana gina sunansa, wanda kuma jimla ɗaya tak za ta iya rusa shi, rashin kunya ne.

Wasu tashoshin ma ba su damu da takarda ba. Kira ɗaya ne a waya: "Malam, muna son mu ɗan tattauna da kai kan harkar gado." Shi ke nan. Ba a ce minti nawa ba, ba a ce su wa za su kalla ba, ba a ce kai tsaye ne ko naɗa za a yi ba. Waɗannan suna ganin sun fi masu takarda mutunci, wai su a kan amana suke aiki. Ƙarya ne. Amanar da ba a faɗi iyakarta ba, mai ƙarfi take yi wa aiki, kuma mai ƙarfi a nan shi ne wanda faifan ke cikin kwamfutarsa.

Mu bi misali ɗaya daki-daki, don kada a ce hayaniya kawai nake yi. A ce an gayyato wani malamin shari'ar Musulunci daga jami'a, an yi hirar minti hamsin da shi kan rabon gado. A tsakiyar hirar ya kawo lissafi. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya, abin da ya bari gona ce da aka yi wa kuɗi Naira 2,400,000. Matar tana da ɗaya bisa takwas tun da akwai 'ya'ya, wato Naira 300,000. Ragowar Naira 2,100,000 a kasa uku, namiji ya ɗauki kashi biyu, Naira 1,400,000, mace ta ɗauki ɗaya, Naira 700,000. Daga nan malam ya ɗaga murya ya ce: "A wasu ƙauyukanmu za ka ji ana cewa mace ba ta gadon gona, sai dai a ba ta kayan ɗaki. Wannan al'ada ce ta zalunci, ba shari'a ba ce."

Magana ta yi kyau, ta kuma amfani mata da yawa da ake danne wa haƙƙi. Amma mai tace bidiyon ba neman amfanin mata yake ba, neman masu dannawa yake. Ya yanko daƙiƙa ashirin, ya fara daga "mace ba ta gadon gona, sai dai a ba ta kayan ɗaki", ya datse kafin a kai ga "wannan al'ada ce ta zalunci". Ya zaɓo hoton malam a daidai lokacin da ya ɗaga yatsa ya haɗe rai, ya rubuta da manyan baƙaƙe ja: Malam ya fasa ƙwai kan gadon mata. Ya saki guntun a Shorts da TikTok da Facebook, da hujjar cewa talla ce ta jawo mutane zuwa cikakkiyar hirar. Kafin la'asar guntun ya shiga WhatsApp. Kafin dare wani ya naɗi raddi. Washegari ɗaliban malam na kallonsa a aji da wani irin ido, kuma a wani ƙauye wani ƙane na nuna wa yayarsa waya yana cewa ga fatawar Dakta.

To malam ya buga waya a fusace. Me za a ce masa? Za a ce ai cikakkiyar hirar na nan, duk mai son gaskiya ya je ya kalla. Kowa ya san wanda ya ga daƙiƙa ashirin ba ya komawa ya zauna wa minti hamsin. In ya matsa, sai a turo masa hoton takardar da ya sa wa hannu, a ja layi a ƙarƙashin wurin da ya yarda a yanka a haɗa yadda aka ga dama. Babu kalma ɗaya da aka ƙirƙira aka sa masa a baki. Muryarsa ce, fuskarsa ce. Duk ɓarnar ta fito ne daga abubuwa uku da takardar ta yi shiru a kansu da gangan: inda za a datse, taken da za a sa, da hoton da za a ɗora a fuskar bidiyo.

Kada kuma a yaudare mu da cewa kuskuren yaro mai tacewa ne. Tsarin kuɗin ne ke tura su. Tasha tana shiga cikakken rabon kuɗin talla na YouTube ne idan ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu, ko ta bi ta hanyar tara miliyoyin kallo a gajerun bidiyo. In ta shiga, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogon bidiyo nata ne. Bidiyon da ya kai minti takwas ana iya cusa masa talla a tsakiya. Saboda haka kowane dannawa kuɗi ne, kuma take mai tayar da hankali ya fi take mai gaskiya jawo dannawa. Ba na ƙin mai tasha ya ci abinci da sana'arsa. Abin da nake ƙi shi ne ya ci da mutuncin wani, ya kuma ɓoye masa cewa kasuwa aka kawo shi.

Ga wani abu da yawancin malamai ba su sani ba. Take da hoton fuskar bidiyo ba kafaffu ba ne. Mai tasha na iya canza su kowane lokaci bayan an saki bidiyon, yau ko bayan shekara biyu. Ke nan ko da malam ya ga bidiyon ran farko ya gamsu, ranar da wata rigima ta ɓarke a gari a kan gado, ana iya sauya taken tsohuwar hirarsa ya dace da rigimar, a mayar da shi kamar yana mayar wa wani martani. Takardar amincewar da ba ta ɗaure take da hoto ba, ba ta ɗaure komai ba.

Doka fa? Ta tanadi wani abu, amma ba za ta ceci wanda ya sa hannu ido rufe ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa lacca da jawabi da wa'azi cikin ayyukan da take karewa. Ta kuma ce miƙa haƙƙin mallaka ga wani kacokan ba ya inganta sai a rubuce. Ka ga ashe wancan biron da aka miƙo a gaban kyamara ba "ƙa'ida ce kawai" ba, shi ne ainihin abin da doka ke nema kafin haƙƙi ya bar hannun mai shi. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar ta yarda cewa izini na gama-gari ana iya bayar da shi da baki, ko ma a fahimce shi daga aikin mutum. Wanda ya zo da ƙafarsa ya zauna gaban kyamara, za a ce ya yarda a yaɗa. Sai dai ya yarda da me, zuwa ina, har yaushe? Babu wanda ya rubuta. Don haka rashin takarda ma ba mafaka ba ce. Ita kuma mallakar bidiyon kansa, dokar ta ba wanda ya shirya ɗaukarsa, wato tasha, sai in an yi yarjejeniya a kan wani abu daban.

Akwai kuma Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na shekarar. Ma'aunin da ta kafa na amincewa abin koyi ne: a nemi izini da harshe mai sauƙi bayyananne, shiru ba yarda ba ne, a sanar da mutum cewa yana da damar janyewa tun kafin ya yarda, kuma wanda ya karɓi bayanan shi ne zai tabbatar an ba shi izini. Gaskiya ne dokar ta sassauta wa aikin jarida da na ilmantarwa a wasu wurare, kuma masu tashoshi za su fake da hakan. Su fake. Amma su auna takardarsu da wannan ma'auni su gani. Turancin lauyoyin wata ƙasa da aka miƙa wa dattijon da ya yi karatunsa a zaure da Larabci da ajami, ana saura minti biyu a fara ɗauka, shi ne harshe mai sauƙi bayyananne?

Gyaran ba shi da wuya, shi ya sa ma abin ke ƙara ba ni haushi. Takardu biyu ne, kowacce ba ta wuce shafi ɗaya ba, kuma a aika su tare aƙalla kwana uku kafin ranar ɗauka.

Ta farko takardar bayani ce, wadda ke faɗa wa malam abin da zai tarar. Ta fara da sunan tashar da na mai ita da na wanda zai yi tambayoyi, da bidiyo biyu ko uku na baya da zai kalla ya ga irin gidan da zai shiga. Sannan batun, a tsuke. "Harkar gado" ba batu ba ne, teku ne. "Rabon 'ya'ya mata da matan aure a gadon gona da gida" shi ne batu. Ta jero manyan tambayoyi biyar ko shida, ta kuma faɗi a fili cewa wasu za su taso daga amsoshinsa. Ta faɗi su wa ke kallon tashar, domin bayanin da za a yi wa ɗaliban shari'a daban yake da wanda za a yi wa matan gida da 'yan kasuwa. Ta faɗi tsawon ɗauka da tsawon abin da za a saki, domin in za a naɗi minti hamsin a saki sha biyar, malam ya san kashi biyu cikin uku da ɗoriya na maganarsa zai zube, sai ya sa kowane sharaɗi a jikin hukuncinsa maimakon ya bar shi sai ƙarshe.

Dole takardar ta ce kai tsaye ne ko naɗa za a yi, domin a shirin kai tsaye babu gyara, babu janyewa. Dole ta ce ko akwai wani baƙo. Babu cin amanar da ya kai a kira malami da sunan zai yi bayani, ya iso ya tarar da abokin saɓaninsa a kujerar gefe, an shirya muƙabala ba da saninsa ba. Haka kuma ta tambaye shi yadda yake son a rubuta sunansa da muƙaminsa, da ko da sunan kansa yake magana ko da sunan jami'arsa ko ƙungiyarsa. Tashoshi na son liƙa wa kowa Farfesa ko Shehi don bidiyo ya yi nauyi, alhali mutumin da aka ƙara wa muƙamin da bai kai ba, shi abokan aikinsa za su yi wa dariya, ba tashar ba. Ta ƙare da maganar kuɗi ƙarara: akwai talla a bidiyon ko babu, akwai kamfanin da ya ɗauki nauyin shirin ko babu, akwai kuɗin mota ko ladan zama ko babu. Malamin da ya gama bayani kan haramcin riba, aka katse shi da tallar masu ba da bashi da ruwa ko ta 'yan caca, an ci masa fuska. Mai tasha na da damar toshe wasu nau'o'in talla, ko da toshewar ba ta kama komai. Ya faɗa wa malam abin da zai iya da abin da ya fi ƙarfinsa.

Ta biyu ita ce takardar amincewa, kuma da Hausa, ko da harshen da malam ya fi sakewa da shi. Ba ta buƙatar lauya ya cika ta da sarƙaƙiya. Ga irin lafazin da ya wadatar:

"Na yarda tashar nan ta naɗi hirata a ranar kaza, a kan batu kaza, ta kuma saka ta a YouTube da Facebook. Ilmin da na faɗa nawa ne, ina da damar sake faɗarsa ko rubuta shi a ko'ina. Tasha za ta iya rage tsawon hirar, amma ba za ta yanke ta yadda ma'ana za ta sauya ba, ba kuma za ta haɗa amsata da tambayar da ba ita aka yi mini ba. Za a nuna mini bidiyon da takensa da hoton fuskarsa kafin a saki, ina da kwana uku in nuna kuskure. Ba za a canza take ko hoto daga baya ba sai da sanina. Duk guntun da za a cira don Shorts ko TikTok sai na gan shi na yarda. Ba za a yi amfani da sunana ko hotona wajen tallar kaya ko ta siyasa ba, ba kuma za a ba wata tasha faifan ba sai da izinina a rubuce. Za a ba ni kwafin cikakken faifan da ba a taɓa ba."

Sai kuma sakin layin da tasha za ta sa wa hannu, wanda takardun yanzu ba su da shi kwata-kwata:

"Mun ɗauki alkawarin cewa idan aka samu kuskure bayan an saki, za mu yanke wurin ko mu sa gyara a rubuce cikin kwana biyu. Idan Malam ya nemi a sauke bidiyon, za mu sauke daga shafukanmu cikin kwana bakwai. Muna sanar da shi cewa abin da wasu suka riga suka sauke a wayoyinsu ba ma iya dawo da shi. Idan wani ya yanki bidiyon ya juya ma'anarsa, za mu shigar da buƙatar a cire shi."

Kowane layi a nan yana da dalili, kuma babu wanda ya gagari ƙaramar tasha. Nuna bidiyo kafin a saki ba ya cin ko kwabo: a ɗora shi a matsayin Unlisted, a tura wa malam adireshin, ya kalla a wayarsa. Yanke kuskure bayan saki ma mai yiwuwa ne, domin YouTube Studio na barin a cire wani yanki daga bidiyon da aka riga aka wallafa ba tare da ya rasa adireshinsa ko adadin masu kallonsa ba. Alkawarin bin masu yanka kuwa ya zama dole ne saboda tasha ce ke riƙe da mallakar bidiyon, ita ce ke da hujja mafi ƙarfi ta neman a cire shi. In ta naɗe hannu, malam ya zama ɗan kallo a kan muryarsa.

Akwai wani ɗan zaɓi a shafin ɗora bidiyo da ya kamata ya shiga takardar. YouTube na ba da lasisi iri biyu, nasa na yau da kullum da kuma Creative Commons. Wanda ya zaɓi na biyun ya ba duniya izinin ta ɗauki bidiyon ta yanka ta sake amfani da shi, muddin an ambaci mai shi, kuma wanda ya riga ya ɗauka a kan wannan izini ba a ƙwace masa daga baya. Wani yaro na iya danna wannan da niyyar yaɗa alheri, bai san ya buɗe ƙofar da ba ta rufuwa ba. A rubuta a takarda wane lasisi za a zaɓa.

Kwafin cikakken faifai kuma shi ne garkuwar malam. Ranar da guntu ya fita yana yawo, wanda ke da asalin naɗin a hannunsa zai iya fitar da abin da ya gabaci jimlar da abin da ya biyo bayanta cikin sa'a ɗaya. Wanda ba shi da shi sai ya koma roƙon waɗanda suka jefa shi a ramin. In abu ya kai gaban alƙali, Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe hanyar karɓar abin da aka naɗa a na'ura a matsayin hujja idan an cika sharuɗɗa. A ƙasar da magana kan addini ke iya kai mutum kotu ko ta tara masa jama'a a ƙofar gida, barin faifan a hannu ɗaya ganganci ne. Dattijon da ba ya karanta boko kuwa, a karanta masa takardar a gaban kyamara kafin a fara hira, ya amsa da bakinsa, a bar wannan a farkon faifan da za a ba shi.

Na san abin da masu tashoshi za su ce: ɗan jarida ba ya ba baƙo tambayoyi, ba ya kuma barin baƙo ya tace masa aiki. Wannan gaskiya ce a wurinta. Kwamishinan da ake tuhuma kan kuɗin kwangila ba shi da haƙƙin ganin tambaya ko bidiyo, kuma malamin da aka kira don ya amsa zargin da ake yi masa, shi ma haka, muddin an faɗa masa tun farko cewa abin da aka kira shi yi ke nan. Amma wanda ka roƙa ya zo ya koyar da masu kallonka abin da kai ba ka sani ba, ba wanda ake tuhuma ba ne. Aron iliminsa ka yi. Dubawar da nake nema masa ma tana da iyaka: ya gyara kuskuren lissafi ko na suna, ya hana a juya masa ma'ana. Ba ta ba shi damar goge tambayar da ta matse shi ko ya sauya ra'ayin da ya faɗa da gangan don ya ga iska ta juya ba. A rubuta wannan iyakar ma a takardar, kowa ya san matsayinsa.

Malamai kuma, ku yi haƙuri, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mutumin da zai hana ɗalibi digiri saboda bai nuna inda ya samo magana ba, shi ne zai sa hannu a takardar da bai karanta ba don kada a ce yana da girman kai. Wanda ke karantar da cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, shi ne zai ce shi da 'yan'uwansa Musulmi ba sai da takarda ba. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya, ɗokin fitowa a bidiyo ne ke rufe musu ido, sai abin ya fashe su dawo suna cewa an yi musu sharri. Ɓarnar ba a kanku kaɗai take tsayawa ba. Hukuncin da aka datse wa sharaɗi yana shiga gidajen mutane, a yi aiki da shi a kan marayu da zawarawa da sunanku. Malamai mata abin ya fi yi musu tsanani, domin hoton da aka zaɓa ba da saninsu ba kan zama abin magana fiye da ilmin da suka kawo.

Saboda haka, Malam, duk tashar da ta kira ka, ka ce a turo takardar bayani da ta amincewa kwana uku kafin ranar. Ka nemi layin take da hoto, layin guntaye, layin saukewa, da alkawarin cikakken faifai. In an miƙo maka biro bayan an maƙala makirufo, ka cire makirufon ka karanta, kyamara ta jira. In ka ga "har abada" da "yadda muka ga dama", ka soke su da hannunka kafin ka sa hannu, ka ɗauki hoton takardar da wayarka. Tashar da ta ƙi waɗannan sharuɗɗa ta riga ta faɗa maka abin da take shirin yi da maganarka. Ka yi mata sallama ka koma gida.